Neman bayani kan riƙe kuɗin cinikina

Kasuwar Farin Gada, Jos
Litinin, 14 ga Yuli, 2025

Zuwa ga Shugaban Sashen Sauraron Koke-koken 'Yan Kasuwa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa, ni ɗan kasuwa ne mai sarin dankalin turawa da kabeji a Farin Gada, kuma da na'urarku ta POS nake karɓar kuɗi a shago. A ƙa'ida cinikin yau ba ya wuce gobe bai shiga asusuna ba. Tun Alhamis, 3 ga Yuli, ba a sakar mini ko kwabo ba. Abin da ya taru ya kai naira 4,380,000, ina ganinsa a manhajarku amma ba ni da ikon taɓawa. Abin da kawai ke fitowa shi ne "Account under review". Na kira layinku, amsar ɗaya ce: a yi haƙuri, ana dubawa.

Me ake dubawa? Idan wani mai saye ne ya je bankinsa ya ce bai san da cirar kuɗin ba, ku faɗa mini ranar da adadin. Rasit ɗin kowane ciniki yana nan na soke a ƙusa, ga kuma littafin da yarona ke rubuta buhuna da lambar motar da ta ɗauka. Idan takardu ne, kuna da BVN da NIN ɗina da rajistar CAC, kuma na sake haɗo kwafinsu da wannan wasiƙa. Idan kuwa umarnin kotu ne ko na wata hukuma, ina da haƙƙin sanin wace ce domin in je in kare kaina.

Zatona shi ne naira 1,150,000 da wani mai kai kaya Fatakwal ya biya a lokaci ɗaya ranar Laraba ce ta ja hankalinku. Kaka ce, haka ciniki yake a wannan wata. In ma ita ce, ku riƙe ta ku bincika, ku sakar mini sauran. Riƙe duka saboda ɗaya ba adalci ba ne.

Mafi yawan kuɗin nan ba nawa ba ne. Na manoman Bokkos ne da suka ba ni kaya bisa amana, suna jira su sayi taki su sallami 'yan ƙwadago. Ɗayansu dattijo ne, sa'an mahaifina. Ranar Juma'a ya zo ya zauna a bencin shago har la'asar bai ce mini uffan ba.

Ina roƙon ku ba ni lambar wannan koke, da dalilin riƙewar a rubuce, da ranar da za a saki kuɗin. Idan mako biyu suka cika ba a warware ba, zan kai maganar Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na Babban Bankin Najeriya, tare da kwafin wannan wasiƙa.

Na gode.

Naku,
Mai shagon dankali da kabeji, layin 'yan sari, Farin Gada