Bitar Jarrabawa: Haɗaɗɗen Tsarin Yaƙi da Ƙwarin Gona da Iyakar Ɗaukar Mataki

Ɗalibai na aji biyu, sashen kare amfanin gona, ga bitar da na yi muku alkawari kafin jarrabawar ranar Alhamis. Ku karanta ta da alƙalami a hannu, saboda akwai lissafi a tsakiya, kuma a wurin lissafin ne maki ya fi zubewa kowace shekara.

Tambaya ta farko kusan kullum ita ce ma'ana. Haɗaɗɗen tsarin yaƙi da ƙwari shi ne a haɗa duk dabarun da suka dace da juna domin a riƙe yawan abokan gāban shuka ƙasa da adadin da zai jawo asarar kuɗi, tare da kiyaye lafiyar mutane, dabbobi da muhalli. Ku lura da abu biyu a cikin wannan jimla. Ba a ce a ƙarar da ƙwari ba, cewa aka yi a riƙe yawansu. Ba a kuma haramta maganin feshi ba, an dai ajiye shi a baya, sai ƙidaya ta nuna ana buƙatarsa. Wanda ya rubuta cewa tsarin yana nufin noma ba magani, ya rasa makin tambayar. Abokan gāban kuma ba ƙwari kaɗai ba ne: ƙuduji, cututtuka, ɓeraye da jan baki duk suna ciki.

Tarihin gajere ne. A 1959 masana huɗu a Kalifoniya, Stern, Smith, van den Bosch da Hagen, suka fito da tunanin haɗa magani da ƙwarin da ke cin ƙwari, su ne kuma suka fara bayyana iyakokin da za mu yi lissafinsu. Abin da ya tura su shi ne illar feshi barkatai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma illolin uku ne. Ƙwaro yakan saba da magani har ya daina kashe shi, domin waɗanda suka tsira su ne ke hayayyafa. Ƙwaro yakan dawo fiye da dā bayan feshi, saboda maganin ya kashe masu cinsa. Sannan wani ƙwaron da ba a taɓa damuwa da shi ba yakan zama annoba, shi ma don masu cinsa sun mutu. Idan an nemi misali, ku ba da Indonesiya: a 1986 gwamnati ta hana amfani da magunguna 57 a gonakin shinkafa bayan feshi ya haddasa ɓarkewar ƙwaron da ke tsotse ta, kuma a can makarantar manoma ta cikin gona ta samo asali a 1989.

Ƙa'idojin suna da jeri, kuma jerin yana da dalili. Rigakafi ne a gaba: iri mai juriya, shuka a kan lokaci, karɓa-karɓar shuka, haɗa hatsi da wake, taki, tsabtar gona. Tsutsar karan hatsi, Coniesta ignefusalis, tana yin rani ne a cikin busasshen kara, shi ya sa karan da aka bari a gona ko aka yi darni da shi yake zama iri na baɗi. Bayan rigakafi sai gane ƙwaro da sunansa da yanayin rayuwarsa, sai zagayen gona a kai a kai, sai yanke shawara bisa iyaka, sai ɗaukar mataki ana farawa da wanda ya fi sauƙin illa. Na ƙarshe, wanda ɗalibai ke mancewa, shi ne komawa gona a duba ko matakin ya yi aiki, a rubuta.

Ba sai kun je nesa neman misali ba, jiharmu ta ishe ku. Murzuna, tsutsar zangarniyar hatsi, Heliocheilus albipunctella, tana kwana a ƙasa duk rani, malam-buɗe-littafinta ya fito bayan ruwa ya sauka, ya yi ƙwai a kan zangarniya sabuwar fitowa, tsutsar ta bi zangarniyar tana murɗe ta. Feshi ba ya biyan kuɗinsa a nan, tsutsar a ɓoye take, gonakin kuma masu faɗi ne. Abin da masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Maradi suka yaɗa shi ne sakin ɗan ƙaramin zanzaron nan, Habrobracon hebetor. Macen tana harbin tsutsa ta sanƙarar da ita, ta yi ƙwai a jikinta, ƴaƴan su cinye ta. Ana rataya ƙananan buhunan algarara, kamar 15 a kewayen ƙauye, da hatsi da tsutsotsin Corcyra cephalonica, abincin ƴaƴan zanzaron, da matan zanzaron a ciki, su hayayyafa su bazu cikin gonaki. Wannan shi ne yaƙi da halitta mai rai. Buhun ajiya na PICS mai ruɓi uku kuwa misalin dabarar da ba ta buƙatar magani ce: ledoji biyu a ciki suna toshe iska, ƙwaron wake Callosobruchus maculatus ya daina ci da hayayyafa. Ruwan ƴaƴan bedi a kan wake misalin maganin tsiro ne, naman gwarin Metarhizium acridum kuma a kan fara ake sa shi.

To, ga inda nake so ku daɗe. Akwai bambanci tsakanin rauni da ɓarna. Rauni shi ne abin da ƙwaro ya yi wa jikin shuka, kamar hujin ganye. Ɓarna ita ce abin da ya ragu a rumbu ko a kasuwa. Wake yana iya rasa ganye mai yawa kafin fure bai rage ko tiya ɗaya ba, amma tsutsar Maruca vitrata kaɗan a cikin fure da kwanso ta isa ta rage girbi. Manomi yana ganin rauni ya firgita. Aikinku ku auna ɓarna.

Iyakar asara, wadda littattafai ke rubutawa EIL, ita ce mafi ƙarancin yawan ƙwari da ɓarnarsu ta yi daidai da kuɗin da za a kashe a yaƙe su. Ƙasa da ita, feshi asara ne ko da ya kashe kowane ƙwaro a gonar. Iyakar ɗaukar mataki, ET, ita ce yawan da idan an kai shi dole a tashi, don kada ƙwarin da ke ƙaruwa su kai iyakar asara. Saboda haka a kullum tana ƙasa da iyakar asara. Idan an ce ku zana, ku ja layin iyakar asara a sama, na ɗaukar mataki a ƙarƙashinsa, na matsakaicin yawan ƙwari na yau da kullum a can ƙasa. Duk wanda ya juya layuka biyun na sama ya nuna bai fahimci komai ba, kuma haka zan ba shi maki.

Ƙa'idar lissafin, wadda Pedigo da abokan aikinsa suka daidaita a 1986:

```
EIL = C / (V × I × D × K)
```

C kuɗin yaƙin ne a hekta, wato magani da ladan mai feshi. V farashin kilo ɗaya na amfanin. I raunin da ƙwaro ɗaya ke yi, D kuma asarar girbi a kan kowane ma'aunin rauni. Sau da yawa ana ba ku su a haɗe, a matsayin kilo nawa ƙwaro ɗaya ke ragewa. K shi ne kason ɓarnar da maganin ke iya tarewa, tsakanin 0 da 1.

Mu gwada da alƙaluman da na tsara don atisaye kawai. Manomin wake a wajen Madarunfa zai kashe sefa 12,000 a hekta. Kilo yana sefa 400. Kowace tsutsa ɗaya a tushe tana rage kilo 10 a hekta, maganin kuma yana tare kashi 75 cikin ɗari.

```
EIL = 12000 / (400 × 10 × 0.75) = 12000 / 3000 = 4
```

Tsutsa 4 ke nan a tushe. Kafin ku je ga wannan, ku raba C da V: 12,000 raba 400 ya ba da kilo 30, wato sai feshin ya ceto kilo 30 a hekta kafin ya mayar da kuɗinsa. Ana yawan tambayar wannan ita kaɗai. Yanzu wake ya yi tsada ya kai sefa 800: iyakar ta sauko zuwa 2. Magani ya yi tsada, C ya koma 15,000 a tsohon farashi: iyakar ta hau zuwa 5. Ba sai kun haddace ba, ku dubi ƙa'idar: abin da ke sama idan ya ƙaru iyaka ta hau, abin da ke ƙasa idan ya ƙaru iyaka ta sauka. Wannan ne dalilin da iyaka ba lamba ce tabbatacciya ba. Tana canjawa da kasuwa, da irin shuka, da shekarunta, da yanayin damina.

Iyakar ɗaukar mataki kuwa tana duban lokaci. A ce tsutsar tana ninkawa duk mako, manomin kuma sai ya yi mako guda kafin ya sayar da akuya, ya sayo magani a kasuwa, ya sami mai famfo. Idan ya jira ta kai 4, ranar feshi tana 8. Dole ya tashi tun tana 2. Idan kuwa zagaye ya nuna masu cin tsutsar sun yi yawa, ana iya jinkirtawa a sake ƙidaya bayan kwana kaɗan.

Ba a sanin an kai iyaka sai da ƙidaya, ƙidaya kuma ba a bakin gona ake yinta ba. Misalin da za ku riƙe shi ne tsutsar masara, Spodoptera frugiperda, wadda ta shigo Afirka a 2016 kuma masu noman rani a Jiratawa sun san ta. A ratsa gona a siffar W, a tsaya wuri 5, a duba tushe 10 a kowane wuri. Ga ƙaramin manomi, jagororin da ake koyarwa sun ce a ɗauki mataki idan kusan kashi 20 cikin ɗari na tushen suna da sabon ci lokacin masara tana ƙarama, kashi 40 idan ta girma kafin ta fitar da kai. Tushe 12 cikin 50 kashi 24 ne: a ƙaramar masara an wuce iyaka, a babba ba a kai ba. Sabon ci nake cewa, mai ɗanyen kashi a cikin kunnen masara. Tsohon huji ba ya shiga lissafi.

Iyaka tana da inda ba ta aiki, kuma ɗalibin da ya faɗi haka a takardarsa yana burge ni. Ƙwaron da ke ɗauke da cuta, kamar darɓa a gyaɗa ko farin ƙuda a tumatir, kaɗan ya isa ya yaɗa ta. Ƙuduji yana yin yawancin ɓarnarsa a ƙarƙashin ƙasa kafin ya fito, don haka rigakafi ne maganinsa. A tumatir da kabeji da ake saye da ido, tabo kaɗan ke karya farashi, iyakar ta yi ƙasa ƙwarai.

Idan ƙidaya ta ce a yi feshi, amsar da ake so ita ce: maganin da kwamitin CSP mai tantance magungunan ƙwari na ƙasashen CILSS, ƙungiyar yaƙi da fari a Sahel, ya amince da shi, mai zaɓen ƙwaron da ake nufi, a kan ma'aunin da ke jikin kwalba, da yamma ko sassafe don kare zuma, da kayan kariya, ana sauya dangin magani don gudun sabo, ana kuma kiyaye kwanakin jira kafin girbi. Piya-piya da ake sayarwa a kwalba marar takarda ba ya cikin wannan amsa.

Atisayen gida: tumatir, C sefa 18,000, V sefa 150, asarar tsutsa ɗaya kilo 50 a hekta, K 0.8. Ku fitar da kilon da zai biya feshi, da iyakar asara, sannan ku faɗi abin da zai faru da ita idan kasuwa ta cika farashi ya faɗi rabi. Ku kawo mini ranar Laraba da safe, mu gyara tare a allo.