Tambayar Jarrabawa da Amsarta: Tsantsar Ƙimar Yau da Wa'adin Maido da Jari wajen Zaɓen Aiki Ɗaya daga Biyu

Darasin Sarrafa Kuɗin Kamfani, ajin ƙarshe na Babbar Difloma a fannin Akanta. Wannan tambaya tana ɗauke da maki 20, kuma ana so ɗalibi ya kammala ta cikin minti 35.

Tambaya

Wani kamfani mai sarrafa amfanin gona a Kano ya ware naira miliyan 20 domin faɗaɗa harkarsa, kuma ayyuka biyu ne a gaban hukumar daraktocinsa, amma kuɗin ba zai ɗauki fiye da ɗaya ba. Aikin farko shi ne sayen injin casar shinkafa, na biyu kuma sayen injin matsar man gyaɗa. Kowane inji zai ci naira miliyan 20 da za a biya nan take, kuma zai yi shekara 5 yana aiki.

Ana hasashen cewa kuɗin da injin casa zai shigo da su, bayan an cire kuɗin gudanarwa, za su kasance miliyan 10 a shekarar farko, miliyan 8 a ta biyu, miliyan 4 a ta uku, miliyan 4 a ta huɗu, da miliyan 3 a ta biyar, kuma ba za a samu komai ba idan aka zo sayar da shi a ƙarshe. Injin matsar mai kuwa zai shigo da miliyan 4, da miliyan 5, da miliyan 7, da miliyan 10, da miliyan 10 bi da bi, sannan za a sayar da tsohon injin a kan miliyan 2 a ƙarshen shekara ta biyar. Ba a cire raguwar darajar inji daga waɗannan alƙaluma ba. Kamfanin ya riga ya biya naira 600,000 a bara domin binciken kasuwa da ya shafi ayyukan biyu. Tsadar jarin kamfanin kashi 15 cikin ɗari ce a shekara, kuma al'adarsa ita ce ƙin duk aikin da ba zai maido da jarinsa cikin shekara 3 ba. Kada a yi la'akari da haraji.

Ma'aunan rage daraja a kan kashi 15 cikin ɗari, daga shekara ta 1 zuwa ta 5, su ne 0.870, 0.756, 0.658, 0.572 da 0.497.

(a) Ka lissafa wa'adin maido da jari na kowane aiki, bisa ɗaukar cewa kuɗi na shigowa daidai wa daida a tsawon shekara. (maki 4)

(b) Ka lissafa tsantsar ƙimar yau ta kowane aiki, bisa ɗaukar cewa kuɗi na shigowa a ƙarshen shekara. (maki 8)

(c) Ka ba hukumar daraktoci shawara a kan aikin da ya kamata ta zaɓa, tare da bayyana abin da ya sa hanyoyin biyu suka saɓa. (maki 8)

Amsar (a)

Wa'adin maido da jari shi ne tsawon lokacin da kuɗin da aiki ke shigowa da su za su ɗauka kafin jimillarsu ta kai abin da aka zuba tun farko. A injin casa, jimillar za ta kai miliyan 10 a ƙarshen shekarar farko da miliyan 18 a ƙarshen ta biyu, saboda haka miliyan 2 ne suka rage, waɗanda za su fito daga miliyan 4 na shekara ta uku, wato rabin shekara ke nan. Wa'adin injin casa shekara 2.5 ne, ko shekara 2 da wata 6. A injin matsar mai, jimillar za ta kai miliyan 4, sannan miliyan 9, sannan miliyan 16 a ƙarshen shekara ta uku, kuma miliyan 4 da suka rage za su fito daga miliyan 10 na shekara ta huɗu. Wa'adinsa shekara 3.4 ne, wato shekara 3 da kusan wata 5. Bisa wannan hanya injin casa ne ya fi, kuma injin matsar mai ya zarce iyakar shekara 3 da kamfanin ya gindaya.

Amsar (b)

Kafin a fara lissafi sai a tantance kuɗin da ya shafi shawarar da wanda bai shafe ta ba. Naira 600,000 na binciken kasuwa an riga an kashe su, ba za su dawo ba ko wane aiki aka zaɓa, don haka ba su shiga lissafi. Raguwar darajar inji ma ba ta shiga, domin rubutu ne kawai a littafin akanta, babu kuɗin da ke fita daga asusun kamfani saboda ita, kuma an riga an cire farashin injin gaba ɗaya a ranar saye. Miliyan 2 na sayar da tsohon injin matsar mai kuwa kuɗi ne da za su shigo hannu, saboda haka kuɗin shekara ta biyar na wannan aiki sun zama miliyan 12.

Ƙa'idar da ake bi ita ce wannan, inda NPV yake nufin tsantsar ƙimar yau, CFt kuɗin da ya shigo a shekara t, r tsadar jari, I0 kuma jarin farko:

```
NPV = Σ [CFt ÷ (1 + r)^t] − I0
```

Idan aka ninka kuɗin kowace shekara da ma'auninta, ƙimar yau ta kuɗin injin casa za ta kasance miliyan 8.700, 6.048, 2.632, 2.288 da 1.491, jimilla miliyan 21.159. Da aka cire jarin miliyan 20, tsantsar ƙimar yau ta injin casa ita ce rarar naira 1,159,000. Ta injin matsar mai kuwa za ta kasance miliyan 3.480, 3.780, 4.606, 5.720 da 5.964, jimilla miliyan 23.550, wanda ya bar rarar naira 3,550,000. Duka ayyukan biyu suna biyan tsadar jarinsu har su bar saura, amma injin matsar mai ya ɗara injin casa da naira 2,391,000.

Amsar (c)

Shawarar ita ce kamfanin ya sayi injin matsar man gyaɗa, domin shi ne zai fi ƙara dukiyar masu hannun jari, kuma wannan ce manufar da ake auna shawarar zuba jari da ita.

Saɓanin hanyoyin biyu ya samo asali ne daga lokacin da kuɗin kowane aiki yake shigowa. Injin casa yana kawo mafi yawan kuɗinsa a shekara biyun farko sannan ya yi ta ja da baya, injin matsar mai kuwa yana farawa a hankali, yana kawo miliyan 22 daga cikin miliyan 38 nasa a shekara biyun ƙarshe. Wa'adin maido da jari yana tsayar da ƙirga da zarar jari ya dawo, ta yadda bai ga miliyan 18 da injin matsar mai zai kawo bayan ya maido da jarinsa ba, balle ya kwatanta su da miliyan 9 kacal da suka rage wa injin casa. Wannan shi ne babban aibinsa a wannan tambaya, kuma ya fi aibi na biyu nauyi, wato ɗaukar naira ɗaya ta bana da naira ɗaya ta shekara ta uku a matsayin abu guda, alhali kuɗin da ke hannu yau ana iya juya su ko a rage bashi da su. Tsantsar ƙimar yau tana ƙirga kuɗin dukkan shekarun, tana rage darajar na nesa gwargwadon tsadar jari, kuma a nan ko da aka rage miliyan 12 na shekara ta biyar zuwa ƙasa da rabinsu, injin matsar mai bai sauka daga gaba ba.

Ana iya ganin raunin fifikon injin casa idan aka sake lissafa wa'adin da ƙimar yau maimakon ɗanyen kuɗi. A ƙarshen shekara ta huɗu jimillar ƙimar yau ta injin casa miliyan 19.668 ce, ta injin matsar mai kuma miliyan 17.586, wato babu wanda ya maido da jarinsa tare da tsadarsa sai a cikin shekara ta biyar. Tazarar kusan wata 11 da ta bayyana a amsar (a) ta tsuke ƙwarai, kuma iyakar shekara 3 da kamfanin yake riƙe da ita ba ta da wata hujja ta lissafi, al'ada ce da daraktoci za su iya sassautawa.

Duk da haka bai dace a watsar da abin da wa'adin maido da jari ya nuna ba. Hasashen abin da za a samu nan da shekara huɗu ko biyar ya dogara da farashin gyaɗa, da na man girki, da kuɗin lantarki da man dizal, kuma hasashe mai nisa ya fi saurin kuskurewa. Idan kamfanin yana da bashin da zai biya cikin shekara biyu, ko yana fama da ƙarancin kuɗin juyawa, to miliyan 18 da injin casa zai kawo a wannan lokaci, idan aka kwatanta da miliyan 9 na injin matsar mai, abu ne da ya cancanci daraktoci su tsaya a kansa. Haka nan ya kamata a sake duba kashi 15 ɗin da aka ɗauka, musamman ganin cewa Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a watan Nuwamba na 2024. Idan aka gwada kashi 20, injin casa zai koma giɓin kimanin naira 668,000, injin matsar mai kuma zai tsira da rarar kimanin naira 499,000, don haka shawarar ba ta sauya ba. A kan kashi 25 kuwa duka biyun giɓi suke bayarwa, kuma a wannan hali abin da ya dace shi ne a bar su duka.

Jagorar ba da maki

A sashen (a) kowane aiki yana da maki 2, ɗaya na jimillar shekara bayan shekara, ɗaya na ɓangaren shekara. Wanda ya rubuta 3.4 a matsayin shekara 3 da wata 4 ya rasa rabin maki, domin 0.4 na wata 12 wata 4.8 ne.

A sashen (b) kowane lissafi yana da maki 3, sai maki 1 na barin kuɗin binciken kasuwa da maki 1 na barin raguwar daraja, amma ba za a ba da waɗannan biyun ba sai ɗalibi ya faɗi dalilinsa, ko da a jimla guda ce. Wanda ya manta da miliyan 2 na sayar da tsohon inji zai samu naira 2,556,000, kuma maki 1 kawai za a cire masa. Wanda ya yi amfani da na'urar lissafi maimakon ma'aunan da aka bayar zai samu kimanin naira 1,153,000 da 3,545,000, kuma a karɓa masa ba tare da ragi ba.

Sashen (c) ne ya fi rarrabe ɗalibai. Maki 2 na shawara ce bayyananniya da ta dace da alƙaluman ɗalibin, ko da ya yi kuskure a lissafinsa na baya, maki 4 na bayyana dalilin saɓani, sauran 2 kuma na hadari da buƙatar kuɗi a hannu. Gwajin kashi 20 da 25 da sake lissafa wa'adi da ƙimar yau ba wajibi ba ne, amma suna iya cike makin da ya rage. Ɗalibin da ya haddato fa'idodi da aibobin kowace hanya ya jera su ba tare da ya taɓa alƙaluman injin casa da na injin matsar mai ba, kada makinsa a wannan sashe ya wuce 3 daga cikin 8.