Shawarar lauya kan soke kwangilar ginin sito a Dawanau

Kano, 6 ga Oktoba, 2025

Alhaji, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa. Na karanta yarjejeniyar da kuka sa wa hannu da Injiniya Sani ranar 3 ga Fabrairu, 2025, ta ginin siton riɗi a Dawanau kan naira miliyan 180. Na kuma ga wasiƙar da manajanka ya tsara, wadda ke cewa "mun fasa aikin don ba ma buƙatarsa yanzu, kuma dama ba ka cika alkawari ba." Don Allah kada ta fita daga ofis. Hanyoyi biyu ne daban aka cusa a jimla ɗaya, kuma kowacce da wanda zai biya kuɗi a ƙarshenta.

Hanya ta farko tana sashe na 14: soke kwangila don ganin dama. Ba sai ɗan kwangila ya yi laifi ba, ba kuma sai ka faɗi dalili ba. Dokar kwangila da kotunanmu ke bi, wadda muka gada daga Ingila, ba ta ba kowa wannan dama haka kawai; sai in an rubuta ta a yarjejeniya, kuma taku ta rubuta. Ta yi kama da iƙalar da malamai ke karantarwa a babin ciniki, sai dai a nan yardar ɗaya ɓangaren an karɓe ta tun ranar sa hannu. Amma da tsadarta. Za ka ba shi sanarwar kwana 30, ka biya aikin da ya yi, da kayan da ya sauke a fili, da kuɗin kwashe injinansa, ka kuma mayar masa da takardar lamunin banki. Sashen ya hana ka ba wani ɗan kwangila ragowar aikin har wata shida. Wannan sharaɗi ba baƙo ba ne: tsarin kwangilar gini na 1999 na FIDIC, ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, a sashe na 15.5, ya hana mai aiki soke kwangila don ya ƙarasa da kansa ko ya ba wani. Kai kuwa so kake a rufa siton kafin riɗin bana ya gama shigowa kasuwa.

Hanya ta biyu, sashe na 15, ita ce soke kwangila saboda saɓa yarjejeniya. A nan kai ne mai bin bashi: kana iya kiran wani ya ƙarasa, ka nemi Injiniya ya biya abin da ya ƙaru a kan farashin farko, ka kuma karɓi ragowar kuɗin kafin alƙalami daga bankin da ya tsaya masa. Sai dai nauyin hujja a wuyanka yake. Laifin ya zama babba, irin wanda sashen ya lissafa, kuma sai an fara aika takardar gargaɗi ta kwana 14. Wanda ya tsallake wannan mataki, ko ya kasa tabbatar da laifin, kotu na iya cewa shi ne ya yi watsi da kwangilar, reshe ya juye da mujiya, ya biya ɗan kwangila har ribar da ya so samu.

Abu biyu ke damuna a nan. Na farko, biya na biyu, naira miliyan 22, ya kamata ya fita tun 25 ga Yuli, har yau bai fita ba, shi kuwa Injiniya ya janye ma'aikatansa ne ranar 11 ga Agusta. Lauyansa zai ce rashin biya ne ya tsayar da aiki. Na biyu, saƙon da ka tura masa ta waya a Satumba, "ba komai, a ci gaba a hankali." Na san kara ce irin tamu, amma a gaban alƙali ana iya karanta shi a matsayin yafe wa'adi. Daga yau kada a sake tura masa komai sai ta hannuna.

Ga wasiƙun biyu. Ɗaya kaɗai za ta tafi.

Ta farko, in ka zaɓi sashe na 14:

"8 ga Oktoba, 2025. Zuwa ga Injiniya Sani. Sanarwar soke kwangilar ginin sito a Dawanau, mai kwanan wata 3 ga Fabrairu, 2025. Bisa damar da sashe na 14 ya ba mu, muna sanar da kai cewa kwangilar za ta ƙare ranar 7 ga Nuwamba, 2025. Ka dakatar da sayen kaya da ɗaukar ma'aikata daga yau. Mai ƙididdigar gini zai zo fili ranar 15 ga Oktoba da ƙarfe goma na safe don a auna aikin da aka yi a gabanka, a kuma lissafa siminti, rodi da kwanon rufin da ke ajiye. Ka kawo lissafin abin da kake bi kafin 31 ga Oktoba, tare da rasit. Za mu biya abin da sashen ya tanada bayan an cire kuɗin kafin alƙalami. Wannan sanarwa ba ta shafe wani haƙƙi da ɗayanmu ya riga ya samu kafin ranar ƙarewa ba. Mun gode da aikin da aka yi."

Ka lura babu zargi ko ɗaya a cikinta, babu dalili. Duk dalilin da ka rubuta, ka ba shi abin jayayya ne a banza.

Ta biyu ba za ta tafi ba sai an biya miliyan 22 ɗin, an kai masa gargaɗi hannu da hannu ranar 10 ga Oktoba, wa'adin kuma ya cika bai dawo ba:

"27 ga Oktoba, 2025. Zuwa ga Injiniya Sani. Soke kwangila saboda saɓa yarjejeniya. Sashe na 6 ya wajabta maka kammala ginin ranar 30 ga Satumba, 2025. Ka janye ma'aikata daga fili tun 11 ga Agusta, ba a ɗora rufi ba, ba a zuba daɓe ba. Ranar 10 ga Oktoba ka karɓi takardar gargaɗinmu ka sa hannu, wadda ta ba ka kwana 14 ka koma aiki. Wa'adin ya cika ranar 24 ga Oktoba, ba ka koma ba. Babu wani biya da kake bin mu a yau. Saboda haka, bisa sashe na 15, mun soke kwangilar daga yau. Ka miƙa makullai da zanen gini cikin kwana bakwai, ka bar kayan da muka biya a inda suke. Za mu ba wani ya ƙarasa, mu kuma nemi ƙarin kuɗin da hakan ya jawo da tarar jinkiri ta sashe na 9. Duk sauran haƙƙoƙinmu na yarjejeniya da na doka suna nan."

Wannan kuwa kwanan wata ce da lambar sashe daga farko har ƙarshe. Kalmomi irin su "mayaudari" ko "maci amana" ba su da gurbi a ciki, domin mai karanta ta na gaskiya shi ne mai sasancin da sashe na 18 ya ambata, ƙarƙashin dokar sasanci da sulhu ta 2023. Ko bayan ka yi nasara, ba za a ba ka duk abin da ka kashe ba in ka ɗauko ɗan kwangila mai tsada alhali ga mai sauƙi, don haka a karɓi farashi daga mutum uku a ajiye takardun.

Ra'ayina shi ne a bi hanya ta biyu, amma bayan an biya shi. In kuɗin ba za su samu a wannan mako ba, gara ta farko duk da jiran wata shidan. Ka sa manaja ya kawo mini hotunan fili masu kwanan wata da rasit ɗin biya na farko kafin Laraba.

Na gode, ranka ya daɗe.

Barista Hadiza