Wasiƙar godiya zuwa ga Malam Hamadu

Garwa, 14 ga Oktoba

Zuwa ga malamina, Malam Hamadu,
Jami'ar Marwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da Hajiya da yara, ina yi wa Malam albishir: Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ni gurbin karatun digiri na biyu a fannin aikin gona. Takardar ta iso ranar Alhamis. Baba ya sa na karanta masa ita, na fassara masa, sannan ya ce kada in bari mako ya juyo ban rubuto muku ba, domin godiya irin wannan ba ta waya ba ce.

Na san lokacin da na kawo buƙatata. Kuna tsakiyar duba takardun jarrabawa, ga shi jami'ar ta ce da Ingilishi take son wasiƙar shaidar, alhali ku da Faransanci kuke aiki kullum. Da kun ce in zo in ɗauki irin wadda ake ba kowa, mai layi huɗu da hatimi, da ban ga laifinku ba. Sai kuka zauna kuka cika shafi biyu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayanin da kuka yi kan makina. A wurinmu kowa ya san mai 13 bisa 20 a lisans ya yi ƙoƙari, don malamanmu ba sa sakin 16 sai an sha wuya. A Najeriya kuwa yawanci bisa 5 ake lissafi, kuma wanda bai san tsarinmu ba zai iya ganin 13 ya ɗauka ɗalibin da kyar ya tsallake. Kun fayyace musu yadda ake ba da maki a nan, kun faɗi matsayina a cikin ajinmu. Malamin da zai duba bincikena ya kira ni a waya, kuma da bakinsa ya ce wannan sakin layin ne ya sa ya sake buɗe dosiyena.

Sai kuma maganar masakwa. Ban zaci za ku tuna aikin da muka yi a gonakin Salak dalla-dalla haka ba: yadda ake rainon iri tun damina ba ta ɗauke ba, a dasa shi a laka bayan ruwa ya janye, a huda rami da sanda a ɗan zuba ruwa, daga nan dawar ta rayu da damshin ƙasa har girbi wajen Janairu da Fabrairu. Kun rubuta cewa ni na riƙa auna ɓarnar tsutsar kara a irin masakwa biyu, safrari da majeri, kuma da Fulatanci da Hausa na yi hira da manoma ba tare da tafinta ba. Malamin ya ce a Borno ma ana noman masakwa a ƙasar laka da ake kira firgi, yana so in kwatanta wuraren biyu. Ga shi cibiyar binciken aikin gona ta jami'ar da ke Samaru, wadda aka kafa tun 1922, dawa tana cikin manyan amfanin gonar da take aiki a kansu. Ke nan wasiƙarku har batun bincike ta samo mini.

Kun kuma gaya musu gaskiya cewa Ingilishina na karatu ya fi na magana ƙarfi. Wani abokina ya ce da shi ne da ya roƙi a cire wannan layin. Ni ban ga haka ba. Wanda ya ga kun faɗi inda nake da rauni zai yarda da ku inda kuka yabe ni, kuma a waya malamin ya yi mini magana a hankali, inda na kakare ya juya Hausa. Na riga na shiga darasin yamma a nan Garwa.

In Allah ya yarda zan tashi farkon wata mai zuwa, ta Yola. Kafin nan zan zo Marwa in yi muku sallama, in karɓi littafin ƙasa da takin da kuka ce za ku ara mini. Inna ta haɗa kilishi da man gyaɗa na Hajiya, ta ce in ba ta haƙuri, ba yawa. Idan akwai saƙon da kuke so in kai wa wani a Zariya, sai ku tanada.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma, ya raya zuri'a. Baba da Inna suna gaisuwa ƙwarai.

Ɗalibinku,
Nasiru