Wasiƙa zuwa ga Alhaji Mamman kan awon faɗin gidan da nake haya

Villeurbanne, Litinin 10 ga Yuni, 2024

Zuwa ga Alhaji Mamman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Allah Ya ƙara wa ƙafar nan sauƙi, Ya kuma nuna mana Babbar Sallah lafiya.

Alhaji, roƙo ɗaya ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ina so ka taimaka mini da kwafin takardar awo ta gidan da nake ciki, na hawa na huɗu, wadda ta nuna ainihin faɗinsa kamar yadda ƙwararren ma'auni ya auna ya sa hannu. Na zaɓi in rubuta maimakon in tare ka da maganar a ƙofar masallaci ran Juma'a, domin zancen lissafi ne, a baki sai ya cakuɗe.

Ga yadda abin ya taso. Takardar hayar da muka sa wa hannu, wadda ta fara aiki ran 1 ga Fabrairu, ta ce faɗin gidan murabba'in mita 42 ne, kuɗin haya kuma yuro 714 a wata, ban da kuɗin ruwa da sharar bene. Wato yuro 17 ke nan kowace mita. A watan jiya Hadiza ta matsa sai mun canza ledar ƙasa kafin Sallah, sai ta ɗauko tef ɗinta na ɗinki muka auna ɗakunan don mu san yawan da za mu saya. Da na ga lissafin na ɗauka tef ɗin ne ya miƙe don tsufa. Sai na ari na'urar awo mai haske wurin wani abokina mai aikin fenti, muka sake bi ɗaki ɗaki, har da kicin da banɗaki da ɗan lungun shigowa.

Daga bango zuwa bango mun sami 41.9, kusan daidai da abin da ke takarda. Matsalar tana wajen rufi. Ka san gidan a ƙarƙashin jinka yake, kuma ta ɓangaren tagogi rufin yana gangarowa har ya kusa taɓa ƙasa. A falo tsawon mita 4, a ɗakin kwana mita 3, akwai wani zirin wuri mai faɗin santimita 55 da babba ba ya iya miƙewa tsaye a cikinsa. Nan muka jera akwatuna da buhun shinkafa, nan ne kuma ɗan autanmu ya mayar wurin ɓuyansa, don shi kaɗai ne ba ya buga kai. Na auna da kyau, tsayin wurin bai kai mita 1.80 ba. Idan aka cire shi, murabba'in mita 3.85 sun fita, saura 38 da ɗan ɗoriya.

Na je ofishin ADIL, inda ake ba masu haya da masu gida shawara kyauta, aka yi mini bayani. Tun dokar Boutin ta 2009, dole takardar haya ta faɗi faɗin wurin da ake iya zama a ciki. Wajen wannan awo ba a lissafa kaurin bango, matakala, baranda, ɗakin ajiya na ƙasa, da duk inda tsayinsa bai kai mita 1.80 ba. Dokar haya ta 6 ga Yuli 1989 kuma, a sashe na 3-1, ta ce idan ainihin faɗin ya gaza abin da aka rubuta da fiye da kashi ɗaya cikin ashirin, ɗan haya yana iya neman a rage masa kuɗi gwargwadon giɓin. Kashi ɗaya cikin ashirin na 42 shi ne 2.1, don haka iyakar tana kan 39.9.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne takardar gwajin makamashi da ka haɗo mini da ta haya. A shafinta na farko 40 aka rubuta. Ka ga yanzu lambobi uku ne a hannuna: 42, 40 da 38. In 40 ce gaskiya, ba a ƙetare iyakar ba, ba ni da ta cewa a kan ragi. In tawa ce daidai, haya za ta koma wajen yuro 646, bambancin yuro 68 a wata, 816 a shekara. Ga mai aika wa tsohuwa kuɗin cefane Maraɗi duk ƙarshen wata, wannan ba abin kau da kai ba ne.

Akwai kuma batun ƙayyade haya da ya fara aiki a Lyon da Villeurbanne tun Nuwamban 2021. Farashin da hukuma ta yanke na kowace mita ne, ana ninka shi da faɗin gida a sami iyakar da ba a wucewa. Muddin faɗin bai tabbata ba, ni da kai ba wanda zai iya cewa ga inda hayar ta tsaya.

Wallahi ban kawo a raina cewa da gangan aka yi ba. Zatona wanda ya fara rubuta 42 ƙasa kawai ya auna bai ɗaga kai ya dubi rufi ba, lambar ta yi ta yawo daga wannan takarda zuwa waccan. Ni ma ba ma'auni ba ne, direban bas ne, ina iya yin kuskure. Ban kuma manta ba cewa lokacin da na yi wata uku ina yawon neman gida ana ce mini in kawo mai tsaya mini, kai ka ba ni makulli a kan amana.

To ga abin da nake roƙo. In kana da takardar awon da aka yi don haya, ka aiko mini da kwafinta. In babu, ka duba cikin takardun sayen gidan, za ka sami awon dokar Carrez da ake yi lokacin ciniki. Ba ita ce ta haya ba, amma ita ma ba ta lissafa inda bai kai mita 1.80 ba, za ta haska mana hanya. In duka biyun ba su samu ba, mu kira ƙwararren ma'auni mai lasisi ya zo ya auna a gabanmu. Aikin bai fi awa ɗaya ba, kuma na yarda in biya rabin kuɗinsa. Ina gida kowace Laraba da safe, da Asabar bayan la'asar.

Ina roƙon amsa kafin Juma'a 28 ga Yuni. Ba don in takura maka na sa rana ba, kuma gara in faɗa maka dalilin a fili. Doka ta ce idan ɗan haya ya nemi ragi bayan wata shida da fara haya, ragin daga ranar da ya nema yake farawa, ba ya komawa baya. Wata shidana zai cika ran 1 ga Agusta. Wannan wasiƙa ba ta neman ragi ba ce, takarda kawai nake nema. Sai mun ga awon sannan mu zauna, in da gyara a yi shi a rubuce, in babu shi ke nan. Kafin nan zan ci gaba da biyan 714 cif ran 5 ga wata kamar yadda na saba.

Na haɗo maka zanen ɗakunan da awon da muka yi, da hotuna biyu na wajen gangaren, da kwafin shafin da aka rubuta 40. Na aiko wasiƙar ta gidan waya da rajista don kowannenmu ya sami shaidar kwanan wata, kada ka ɗauke shi da wata manufa. Zan kira ka bayan Sallah in ji ko ta iso.

Hadiza tana gaida Hajiya ƙwarai.

Wassalam, naka,
Isufu Abdu
ɗan hayarka na hawa na huɗu