Manyan matsi a farantin tsakiyar bim ta hanyar da'irar Mohr

Wannan darasi ya shafi bim na ƙarfe mai siffar I, wanda aka haɗa da walda daga faranti uku: leɓen sama, leɓen ƙasa, da siririn farantin tsakiya da ke tsaye a tsakaninsu. A darussan baya mun lissafa matsin lanƙwasa shi kaɗai da σ = My/I, muka kuma lissafa matsin zamiya shi kaɗai da τ = VQ/(Ib), inda matsi yake nufin ƙarfin da ke kan kowace murabba'in milimita ta ƙarfen, ko na ja ko na dannewa ko na zamiya. M shi ne ƙarfin lanƙwasa a yanka, V ƙarfin zamiya a yanka, y nisa daga layin tsaka-tsaki, wato layin da ke tsakiyar zurfin bim inda lanƙwasa ba ta ja ba ta dannewa, I ma'aunin juriyar siffar yanka ga lanƙwasa, Q faɗin filin yankan da ke waje da wurin da ake dubawa ninke da nisan cibiyarsa daga layin tsaka-tsaki, b kuma faɗin ƙarfen a wurin. Lanƙwasa ta fi tsanani a gefen waje na leɓe, zamiya kuwa ta fi tsanani a layin tsaka-tsaki, don haka ɗalibi yakan duba waɗannan wurare biyu ya ɗauka ya gama aiki. Sai dai a daidai inda farantin tsakiya ya haɗu da leɓe, matsin biyu duka suna da girma a lokaci guda, kuma idan suka haɗu sukan iya zarce abin da aka samu a gefen waje.

Bim ɗin da za mu bincika yana da tsawon mita 4 tsakanin madogarai biyu, kuma wani ginshiƙi ya sauke masa nauyin 375 kN a nisan mita 0.8 daga madogarar hagu. Mun yi watsi da nauyin bim ɗin kansa. Madogarar hagu tana ɗaukar 375 × 3.2/4 = 300 kN, saboda haka a yankan da ke dab da ginshiƙin ta hagu, V = 300 kN kuma M = 300 × 0.8 = 240 kN·m. Zurfin bim ɗin milimita 400 ne, kowane leɓe yana da faɗin milimita 200 da kaurin milimita 20, farantin tsakiya kuwa yana da tsayin milimita 360 da kaurin milimita 10. Daga waɗannan:

I = (200 × 400³ − 190 × 360³)/12 = 328 × 10⁶ mm⁴

A gefen waje na leɓen ƙasa y = 200, don haka σ = 146.3 N/mm² na ja, kuma babu zamiya. A layin tsaka-tsaki σ = 0, Q = 922,000 mm³, τ = 84.3 N/mm².

Yanzu mu sauka zuwa mahaɗar farantin tsakiya da leɓen ƙasa, inda y = 180. Mun zaɓi mahaɗar ƙasa da gangan, domin ta sama tana kusa da gindin ginshiƙi, inda akwai ƙarin matsin dannewa a tsaye wanda waɗannan lissafe-lissafe ba su ƙunsa ba. A nan σ = 240 × 10⁶ × 180/(328 × 10⁶) = 131.7 N/mm². Q na leɓe kaɗai ne, wato 200 × 20 × 190 = 760,000 mm³, amma b dole ne a ɗauke shi milimita 10, domin muna cikin farantin tsakiya ne. Wanda ya ɗauki b a matsayin 200, wato faɗin leɓe, zai sami kusan 3.5 N/mm², ya kuma ɓatar da dukan ma'anar binciken. Abin da ya fito daidai shi ne τ = 300,000 × 760,000/(328 × 10⁶ × 10) = 69.5 N/mm².

A yi tunanin wani ɗan ƙaramin murabba'i da aka yanko daga farantin a wannan wuri. Fuskarsa ta tsaye tana ɗauke da jan 131.7 da zamiyar 69.5, fuskarsa ta kwance kuwa ba ta da ja ko dannewa, amma tana ɗauke da zamiya mai girma ɗaya da ke juya murabba'in ta ɗaya hannun, in ba haka ba da ya yi ta juyawa. Idan aka karkata yankan, rabon ja da zamiya yana canzawa, kuma akwai fuskoki biyu da zamiya ke ɓacewa a kansu gaba ɗaya. Matsin da ke kan waɗannan fuskoki su ne manyan matsi, σ₁ da σ₂. Injiniya Karl Culmann ya fara nuna wannan da zanen da'ira a kan bim a shekarar 1866, sannan Bajamushe Otto Mohr ya faɗaɗa hanyar a 1882, shi ya sa ake kiranta da sunansa.

A takardar giraf, a ja layin σ a kwance da layin τ a tsaye, a ɗauki santimita 1 a matsayin 20 N/mm² a layukan biyu, domin idan ma'aunin ya bambanta da'irar za ta koma siffar ƙwai. A sa ɗigon X a (131.7, 69.5) don fuskar tsaye, da ɗigon Y a (0, −69.5) don fuskar kwance. Layin da ya haɗa su yana ratsa layin σ a cibiyar da'ira, C = 131.7/2 = 65.85. A kafa kamfas a nan a buɗe shi zuwa X a zagaya; nisan C zuwa X shi ne R, rabin faɗin da'irar.

R = √(65.85² + 69.5²) = 95.7 N/mm²

Inda da'irar ta yanke layin σ a dama shi ne σ₁ = 65.85 + 95.7 = 161.6 N/mm² na ja, a hagu kuma σ₂ = 65.85 − 95.7 = −29.9 N/mm² na dannewa. Ana iya tabbatar da amsar nan take: jimillarsu dole ta koma 131.7, kuma idan aka ninka ɗaya da ɗaya dole a sami −τ², wato kusan −4,830.

Kusurwar da ke tsakanin CX da layin σ ita ce 2θ, kuma tan 2θ = 69.5/65.85, abin da ya ba da digiri 46.5. A jikin ƙarfen ana ɗaukar rabin wannan, saboda haka σ₁ ya karkata da digiri 23.3 daga layin tsawon bim, yana hawa zuwa wajen madogarar hagu.

Abin lura shi ne 161.6 ya ɗara 146.3 na gefen waje da fiye da kashi 10 cikin ɗari, ko da yake mahaɗar ta fi kusa da layin tsaka-tsaki. Haka ma zamiya mafi girma a nan, wadda ita ce R, ta kai 95.7, alhali a layin tsaka-tsaki 84.3 ce. Idan aka hau zuwa y = 90, σ = 65.9 da τ = 80.6 suna ba da σ₁ = 120.0 a karkatar kusan digiri 34, a layin tsaka-tsaki kuma cibiyar da'ira tana komawa kan sifili, σ₁ = 84.3 da σ₂ = −84.3 a digiri 45. Wannan dannewa ta karkace ita ce ke sa siririn faranti ya kumbura gefe, dalilin da ya sa ake walda masa ƙarafan tokara a tsaye.

Ba a kowane yanka ne mahaɗar ke rinjaye ba. Dab da ginshiƙin ta dama M bai canza ba, amma V ya sauka zuwa 75 kN, τ ya koma 17.4, kuma σ₁ ya tsaya a 134.0, ƙasa da na gefen waje. Don haka wannan bincike ya fi zama wajibi a ƙarƙashin nauyi mai yawa kusa da madogara, da kan madogarar tsakiya ta bim mai ratsa madogarai da yawa, da gindin bim mai maƙale da bango ta gefe ɗaya.

Domin yanke hukunci kan ƙarfe mai miƙewa kafin ya tsinke, σ₁ kaɗai bai wadatar ba. Ma'aunin von Mises yana ba da √(σ² + 3τ²) = √(131.7² + 3 × 69.5²) = 178.4 N/mm² a mahaɗar, alhali layin tsaka-tsaki yana da 146.0. Idan ƙarfen S275 ne, farantin milimita 10 yana fara saki a 275 N/mm², saboda haka mahaɗar tana aiki a kusan kashi 65 cikin ɗari na wannan iyaka, kuma ita ce wurin da ya fi kowane kusantar ta a wannan yanka.