Tafsirin Suratul Fatiha, Gaɓa-Gaɓa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Wannan darasi ne da na rubuta wa ɗaliban karatun bayan Magariba na masallacinmu a Jekadafari, cikin garin Gombe, domin wanda hidimar kasuwa ta hana shi zuwa ya samu abin bita. Na zaɓi mu fara da Fatiha saboda kowannenmu yana karanta ta aƙalla sau 17 a yini cikin sallolin farilla, amma da yawa daga cikinmu muna zuba ta da numfashi ɗaya, har mu kai ga Amin zuciya ba ta san inda harshe ya bi ba. Abin da zan kawo na ɗebo shi ne daga Ɗabari (ya rasu 310 bayan Hijira), da Ƙurɗubi (671), da Ibnu Kasir (774), Allah Ya jiƙan su.

Ayoyinta bakwai ne, kuma a Makka ta sauka bisa maganar mafi yawan malamai. Ana kiran ta Ummul Kitabi, wato uwar Littafi, da Sab'ul Masani, bakwai da ake maimaitawa, kamar yadda ya zo a Suratul Hijri aya ta 87. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Allah Ya ce Ya raba salla gida biyu tsakaninSa da bawanSa, kuma abin nufi da salla a nan Fatiha ce, domin hadisin ya ci gaba da bayyana amsar da Allah Yake ba bawa a kan kowace aya. Saboda haka mai karatun Fatiha ganawa yake da Ubangijinsa, ana kuma amsa masa.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ma'anarta: da sunan Allah nake farawa. Aikin da ake farawa ba a ambace shi ba, domin mai karatu ya ƙaddara "nake karatu", mai cin abinci ya ƙaddara "nake ci". Malamai sun haɗu a kan cewa Bisimilla wani yanki ce na aya ta 30 a Suratun Namli, sannan suka saɓa game da matsayinta a farkon Fatiha. Imamu Shafi'i ya ƙidaya ta aya, Imamu Malik bai ƙidaya ta ba, shi ya sa mafi yawan limamanmu suke shiga Alhamdu kai tsaye bayan kabbara. Wanda bai ƙidaya ta ba sai ya raba ayar ƙarshe biyu, lissafi ya koma bakwai. Saɓani ne na magabata, bai kamata ya raba sahu ba.

Alhamdu lillahi. Da Hausa mukan ce godiya ta tabbata ga Allah, amma kalmar hamdu ta fi godiya faɗi. Ɗabari ya ɗauki hamdu da shukura a matsayin abu guda. Ibnu Kasir kuwa ya kawo bambancin da malamai suka yi: ana yin shukura ne a kan alherin da aka yi maka, da zuciya da harshe da gaɓoɓi, shi kuwa hamdu yabo ne da harshe a kan kyawawan siffofi, ko an ba ka wani abu ko ba a ba ka ba. Alif da lam da ke farkon kalmar suna tattaro kowane irin yabo. Wannan ne ya sa manomin da gero ya yi masa kyau da wanda ruwa ya ɗauke masa tun kafin amfani ya nuna suke tsayawa a sahu ɗaya suna faɗin kalma ɗaya, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, domin cancantar Allah ga yabo ba ta rataya a kan abin da ke cikin rumbu ba.

Rabbil alamin. Ɗabari ya ce Larabawa suna kiran abu uku da sunan rabbu: shugaban da ake yi wa ɗa'a, da mai gyara abu, da mamallakinsa, kuma duka ukun sun tabbata ga Allah a kan cikar su. Alamina jam'in alam ne, shi ne duk abin da ba Allah ba, kamar yadda aka ruwaito daga Ƙatada. An kuma ruwaito daga Ibnu Abbas cewa mutane da aljanu ake nufi. Ƙurɗubi ya rinjayar da ma'ana ta farko, ya kafa hujja da amsar Annabi Musa lokacin da Fir'auna ya tambaye shi mene ne Rabbul alamina, ya ce Ubangijin sammai da ƙasa da abin da ke tsakaninsu.

Arrahmanir Rahim. Sunaye biyu ne daga rahama, na farko ya fi kaiwa matuƙa. An fassara Arrahmanu da Mai rahamar da ta game dukkan halitta, mumini da wanda ba mumini ba, shi kuwa Arrahimu Mai jinƙai ga muminai, saboda faɗinSa a Suratul Ahzabi aya ta 43 cewa Ya kasance Mai jinƙai ga muminai. Ba a kiran kowa Arrahmanu sai Allah. Ƙurɗubi ya lura cewa ambaton Ubangijin talikai yana sa tsoro, sai aka biyo shi da rahama domin a sa kwaɗayi, bawa ya tsaya tsakanin biyun.

Maliki yaumid din. A nan yaranmu sukan rikice, domin wanda ya tashi a makarantar allo da ruwayar Warshu yana karanta "Maliki" ba tare da ja ba, ɗan Islamiyya mai karatun Hafsu kuwa yana jan "ma". Duka biyun ƙira'o'i ne ingantattu daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ba tare da ja ba ma'anar ita ce Sarki, da ja kuwa Mamallaki, kuma kowace tana ƙara wa 'yar'uwarta haske, tun da a duniya akwai sarkin da bai mallaki gonakin talakawansa ba, akwai kuma mai dukiyar da ba ya mulkin kowa. Addini a wannan aya yana nufin sakamako da hisabi. An keɓance wannan rana da ambato duk da cewa Allah ne Sarkin duniya ma, domin a ranar babu mai da'awar mulki, kamar yadda Suratu Gafir aya ta 16 ta faɗa.

Iyyaka na'budu wa iyyaka nasta'in. Kai kaɗai muke bauta wa, kuma gare Ka kaɗai muke neman taimako. Wannan ita ce ayar da hadisin ya ce tana tsakanin Allah da bawanSa, kuma Ibnu Kasir ya kawo daga wani magabaci cewa Fatiha sirrin Alƙur'ani ce, sirrin Fatiha kuma wannan kalma. A lura da yadda zance ya juya. Tun daga farko ana magana ne a kan Allah, Shi ne Ubangiji, Shi ne Mai rahama. Da aka zo nan sai bawa ya ce "Kai", kamar dai yabon ya kusantar da shi har ya tsaya a gaban Wanda yake yabo. An gabatar da "iyyaka" a kan aikin domin taƙaitawa, wato ba ma bauta wa kowa sai Kai. Asalin kalmar ibada ƙasƙantar da kai ne, Larabawa suna kiran hanyar da ƙafafu suka tattake mu'abbad, a shari'a kuwa ta tattara cikar so da ƙanƙan da kai da tsoro. Rabin farko kuɓuta ne daga shirka, rabi na biyu kuɓuta ne daga jin cewa mutum yana da dabara ko ƙarfin kansa. An gabatar da bauta domin ita ce manufa, neman taimako kuwa hanyar kaiwa gare ta ce. Ko da mutum shi kaɗai yake salla a ɗakinsa cikin dare, "muke" yake cewa, yana sa kansa cikin taron masu bauta. Ina roƙon ɗalibai su kula da shaddar da ke kan "ya", domin malamai sun faɗa cewa "iya" ba tare da shadda ba hasken rana take nufi, kuma na sha jin masu gaggawa suna sassauta ta.

Ihdinas siraɗal mustaƙim. Ka shiryar da mu hanya madaidaiciya. Sai da aka gama yabo da alkawari sannan roƙo ya zo, kuma wannan shi ne ladabin mai roƙo. An ruwaito cewa hanyar ita ce Littafin Allah, an ruwaito daga Ibnu Abbas da Jabir cewa Musulunci ce, Mujahid ya ce gaskiya ce, Abul Aliya ya ce Annabi ne da sahabbansa biyu, Abubakar da Umar. Ibnu Kasir ya ce maganganun duka daidai ne, suna lizimtar juna. Wani dattijo mai sayar da hatsi ya taɓa tambayata bayan karatu: "Malam, wanda ya riga ya musulunta, wace shiriya kuma yake nema?" Amsar tana wajen Ɗabari, wanda ya fassara roƙon da neman dacewa da tabbata a kan hanya. Na ce masa: "Baba, ai kowace safiya da ka ɗauki mudu kana bukatar sabuwar shiriya, ta jiya ba za ta auna maka na yau ba." Mutum yana iya sanin hanya a dunƙule ya jahilci rassanta, yana iya sanin rassan ya kasa bi, yana iya bi yau gobe ya karkace.

Siraɗal lazina an'amta alaihim. Hanyar waɗanda Ka yi wa ni'ima. Suratun Nisa'i aya ta 69 ta bayyana su: annabawa da siddiƙai da shahidai da salihai.

Gairil magdubi alaihim wa lad dallin. Ba waɗanda aka yi wa fushi ba, ba kuma ɓatattu ba. Ibnu Kasir ya ce na farko su ne waɗanda suka san gaskiya suka kauce mata, na biyu kuwa waɗanda suka rasa ilimi suke tafiya cikin ɗimuwa. Tirmizi da Ahmad sun ruwaito hadisin Adiyyu ɗan Hatim da ya fassara su da Yahudu da Nasara, kuma a kansa mafassara suka tafi. Sai dai magabata sun karanta ayar a matsayin gargaɗi ga kansu, har aka ruwaito daga Sufyanu ɗan Uyaina cewa wanda ya lalace cikin malamanmu yana da kama da na farko, wanda ya lalace cikin masu ibadarmu yana da kama da na biyu. Ayar addu'a ce ta neman tsari, ba ta ba kowa izinin cutar da maƙwabcinsa Kirista ba, domin Suratul Mumtahana aya ta 8 ta halatta kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe mu ba. Akwai kuma ladabi mai kyau a lafazin: da aka zo ni'ima an ce "Ka yi", da aka zo fushi sai aka ce "aka yi", ba a ambaci mai aikin ba. Game da harafin ladi, da yawanmu mun tashi muna cewa "lallina". Ya kamata a zauna gaban mai tajwidi a gyara mafitarsa daga gefen harshe, a kuma cika jan da ke cikin kalmar.

Amin. Ba ta cikin Alƙur'ani, shi ya sa ba a rubuta ta a Mus'hafi, kuma ma'anarta ita ce: ya Allah Ka amsa. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda Amin ɗinsa ta dace da ta mala'iku za a gafarta masa abin da ya gabata na zunubinsa. A mazhabar Malikiyya ana asirta ta, Shafi'iyya da Hambaliyya kuwa suna bayyana ta a sallar bayyane, kuma duk wanda ya bi ɗaya daga ciki sallarsa ta inganta.

Karatu na gaba ranar Asabar ne bayan Magariba, in Allah Ya yarda, za mu shiga ayoyi biyar na farkon Suratul Baƙara. Kowa ya zo da Alƙur'aninsa.